Toshe, tare ko hana? Ina neman kalma kafin darasin Asabar

Malama Hauwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar zan koyar da ɗalibaina yadda ake maganin adireshi guda ɗaya da ya addabi saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu na'urori hidima, kuma na yi alkawarin ba su takardar darasin da Hausa. Misalin daga gidana na ɗauko shi. Ina da tsohuwar kwamfuta mai Ubuntu a kan 192.168.1.10, na sa rauta, na'urar da ke haɗa gidan da intanet, tana tura mata duk abin da ya zo mashiga ta 22, wato mashigar SSH da ake shiga kwamfuta daga nesa ta cikinta. Kwana uku ke nan rajistar `/var/log/auth.log` cike take da wannan layin na wani da ke ta gwada kalmar sirri (na sauya lambar saboda darasi):

```
Failed password for root from 203.0.113.45 port 51422 ssh2
```

Ana iya tsayar da shi a rauta, ana iya tsayar da shi a kan sabar kanta. Duka biyun na rubuta "toshe", sai na ga jimlolin sun zama iri ɗaya, ɗalibi ba zai gane akwai bambanci ba. Ina neman kalma biyu. Kuma ban ɓoye muku ba, na sa dokar tsayar da shi a rauta tun jiya, mutumin nan bai fasa ba.

Ɗan Sabon Gari: Malama, bulokin kawai. Kowa ya san "na yi bulokin ɗinsa". Bulokin a rauta, bulokin a saba, an gama.

Injiniya Sule: Wa alaikumus salam Malama. Ni "toshe" ɗin ne ma bai kwanta mini ba. Rami ake toshewa, ko kwata, ko ƙofa, ba a toshe mai wucewa. In kin ce an toshe, abin da kunnen Bahaushe zai ji shi ne an rufe mashiga ta 22 ga kowa, har ke. Wannan ma aiki ne da ake yi, to a bar masa kalmarsa. Na rauta kuwa "tare" ne: baƙo yana kan hanya, bai iso inda ya nufa ba, wani wanda ba shi ake nema ba ya sha gabansa. Na saba kuma "hana", don ya riga ya iso, mai wurin ne ya ƙi karɓarsa.

Bambancin nan a cikin na'urar ma yake, kuma ina zaton shi ya sa dokarki ba ta ci ba. Rautar da ke kan Linux tana raba abin da ya shigo gida biyu. Wanda ita kanta ake nufi da shi yana bi ta INPUT, wanda za ta miƙa wa wata na'ura a cikin gida yana bi ta FORWARD. Tunda kin tura 22 zuwa 192.168.1.10, mutuminki ta FORWARD yake wucewa. In a INPUT kika sa dokar, kin kare rautar ce kawai, sabar tana nan a buɗe. Wace irin rauta ce?

Malama Hauwa: OpenWrt ce a kanta, ita ma Linux ce. Na duba yanzu, wallahi haka ne, a gurbin inda saƙon ya nufa na bar shi a kan na'urar kanta. Na mayar da shi `lan`, wato na'urorin cikin gida:

```
config rule
	option src 'wan'
	option src_ip '203.0.113.45'
	option dest 'lan'
	option proto 'all'
	option target 'DROP'
```

Minti ashirin ke nan babu sabon layi a rajista. Allah ya saka da alheri. Amma "tare" a rubuce fa? Ɗalibi zai karanta "mun tare" ya ɗauka amarya ce ta tare.

Baba Mai Ƙamus: 'Ya'yana, kun tsaya gardamar aikatau alhali sunayen da kuke ɗora shi a kansu duk aro ne. Mene ne rauta? Mene ne saba? Saba da sabo, ko saɓa alkawari? Shekara da shekaru ina cewa a kira ta farkon Sarkin Ƙofa. Birnin Kano kowace ƙofa da sarkinta, shi ke sanin mai shiga da mai fita. Ta biyun kuma Maigida. Sai a ce "Sarkin Ƙofa ya tare shi", "Maigida ya kore shi". Wane yaro ne ba zai gane wannan ba?

Ɗan Sabon Gari: Baba, ranka ya daɗe, in na je kasuwa na ce a ba ni Sarkin Ƙofa mai eriya huɗu, dogari za su kira mini.

Hajiya Ta Maradi: Baba, "uwar garke" fa? Na sha ganinta a fassarar manhajoji a matsayin saba. Mu nan ma ba rauta muke cewa ba, bakinmu ya fi karkata ga ta Faransanci, ruter. Shi ya sa duk lokacin da aka ce "a daidaita" nake jan baya, don ƙarshenta abin da Kano ta ce shi ake bugawa, mu sai mu bi.

Baba Mai Ƙamus: Uwar garke tana jan garke ne, ba ta yi masa hidima. Wanda ya ƙirƙiro ta bai taɓa kiwo ba. Kuma Hajiya, ba Kano na ce a bi ba, Hausa na ce. Mun karɓi mota da tebur da makaranta ta boko, yanzu har aikatau za mu ara? "Na yi bulokin"! Kakanninmu da suka gina ganuwa ba su rasa kalmar hana shiga ba.

Hajiya Ta Maradi: Ganuwar Kano kuma. Ka ga abin da nake faɗa.

Auwalu Mai Shago: Ni dai a shagona rauta na fi yarda da ita. Akwai yaron maƙwabta da ya samu lambar sirrin wayafai ɗina, na shiga na sa wayarsa a jerin waɗanda aka hana, shi ke nan. Kuma in aka tare a rauta ai data ba ta ƙarewa. Ni "datse" nake cewa.

Injiniya Sule: Malam Auwalu, naka daban ne. Kai na cikin gida ka hana fita, da lambar MAC ta wayarsa, wato lambar shaidar na'urar. Lambar MAC ba ta tsallake rauta, don haka wanda ke bugo wa Malama daga waje ba za ka taɓa ganin tasa ba. Rautoci da yawa na kamfanonin waya iya abin da suke da shi ke nan, ba su da gurbin tare adireshin waje ko kaɗan, sai dai a yi a saba.

Maganar data kuma rabi ce. Kafin rauta ta ga saƙon ta jefar, ya riga ya bi ta layin kamfanin ya iso gidanka. Abin da ka rage shi ne amsar da saba za ta mayar da kai-komon da zai biyo baya, wanda ba kaɗan ba ne, amma in mutum ya yi niyyar cika maka layi, tarewa a gida ba ta hana shi. Amfanin rauta na gaske shi ne doka ɗaya ta rufe wa duk na'urorin gidan, har kyamara in an tura mata mashiga. Rauninta kuma ba ta san wane ne mugu ba. SSH a ɓoye yake tafiya, rauta ba ta ganin an yi kuskuren kalmar sirri, saba ce ke gani ta rubuta. Shi ya sa fail2ban a saba yake zama, yana karanta rajista: in ba a taɓa saitinsa ba, kuskure 5 cikin minti 10 sai ya hana adireshin na minti 10.

Malama Hauwa: To na gwada ɓangaren saba don in nuna wa ɗalibai da wayata a matsayin "mugun". A ufw, manhajar hana shiga da ke kan Ubuntu, na buga `sudo ufw deny from` da adireshin wayar, ya ce an ƙara, amma har yanzu ina shiga.

Injiniya Sule: Buga `sudo ufw status numbered`. Za ki ga dokar da ta bar 22 a buɗe tana sama, taki tana ƙasa. Daga sama yake karantawa, wadda ta fara dacewa ita ke aiki. Goge taki, ki sa ta a layin farko:

```
sudo ufw insert 1 deny from 203.0.113.45
```

Ki sa adireshin wayar a madadin wannan. Sannan ki fita ki sake shiga, don haɗin da ya riga ya ƙullu ufw ba ya yanke shi. Abu ɗaya kuma ki gaya wa ɗalibai: su kalli adireshin da ke rajista kafin su hana. Wasu rautocin suna sauya adireshin mai bugowa da nasu, sai ka ga duk layukan suna cewa 192.168.1.1. Wanda ya hana wannan ya hana duk mai shigowa daga waje, har kansa in yana tafiya.

Hajiya Ta Maradi: Ni abin da ban ji an taɓo ba shi ne DROP da REJECT. Na farko shiru yake yi, mai bugowa ya yi ta jira har lokaci ya ƙare masa. Na biyu yana mayar masa da amsa nan take cewa ba shiga. In "hana" ta zama ta saba, waɗannan fa? Kowanne ana yinsa a rauta, ana yinsa a saba.

Baba Mai Ƙamus: Wannan ai ba sai an nema ba. Na farko kunnen uwar shegu aka yi da shi. Na biyu an sallame shi.

Ɗan Sabon Gari: Kai! Wannan kam Baba ya ci. Na sara.

Injiniya Sule: Kunnen uwar shegu ta zauna daram. "Sallama" ce nake ɗan shakka, tana da ladabi da yawa, kamar an ba shi kuɗin mota. Amma ba ni da wadda ta fi ta. Sai dai Hajiya ta tona rauni a shawarata: tare da hana wuri suke nunawa, ba irin aikin ba, kuma in an bi diddigi, mai hanawa a saba shi ma tarewa yake yi kafin saƙon ya kai ga SSH. Na amince ba tsaf take ba.

Baba Mai Ƙamus: Da kun karɓi Sarkin Ƙofa da Maigida, da wurin ya fito daga sunan, aikatau ya huta.

Malama Hauwa: Baba, a yi haƙuri, ɗaliban nan kasuwa za su je sayen na'urar, dole su san sunan da ake kiranta. Ga abin da na rubuta: toshe mashiga in an rufe wa kowa, tare adireshi a rauta, hana adireshi a saba. Don gudun amarya, ko'ina na sa "tare adireshi" a haɗe, ban bar "tare" ita kaɗai ba. DROP na sa kunnen uwar shegu. REJECT na bar shi yadda yake a allo, zan yi bayani da baki. Sarkin Ƙofa zai shiga a zanen da zan yi a allo, ba a takarda ba.

Baba Mai Ƙamus: A allo, inda za a goge kafin la'asar. To, Allah ya ba da sa'a.

Auwalu Mai Shago: Har yanzu ba wanda ya gaya mini laifin "datse".

Malama Hauwa: Injiniya, layukan sun dawo. Wannan karon daga 203.0.113.46.