Yaya zan tantance lambobi da sunaye kafin a sa hannu a rahoton taro?

Jama'a, sallama. Ni ce sakatariyar kwamitinmu, kuma manhajar mayar da magana rubutu ce ke fitar mini da daftarin farko. Matsalata lambobi.

A zaman da ya gabata ma'aji ya ce "miliyan sha biyar", manhajar ta rubuta 5,000,000, ta haɗiye "sha" ɗin gaba ɗaya. Da na koma kan faifan, daidai wurin wani ya yi tari. Takardar kasafin da aka raba kuma 15,500,000 ta nuna. To wanne zan rubuta: abin da ya faɗa da baki, ko abin da ke takarda? Ni dai ina ganin bai kamata in gyara maganar mutum ba tare da saninsa ba, amma shugaba na son rahoton gobe, ma'aji kuma ya yi tafiya.

Sunaye ina duba su da takardar halarta. Sai dai muna da Hassan da Hussaini, manhajar na cakuɗa su, har ta jingina wa ɗaya ƙudurin da ɗayan ya kawo, muryoyinsu kuma kusan iri ɗaya. Masu wannan aiki, yaya kuke warware irin wannan?