Debin ginin aji biyu ya ɗaure mana kai, a taimaka

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masana harkar gini ku agaza min. Ni ne ma'ajin kwamitin iyayen yara na lakwal ɗinmu a nan Damagaram, za mu gina aji biyu, wani tekinisiyan ya yi mana debi, wato takardar da ta jera kowane aiki da awonsa da farashinsa, kuma da ita muke so mu tsara kasafin kuɗin.

Inda na maƙale shi ne layin kankare. An rubuta mita kib 12, siminti kilo 350 a kowace mita kib, na raba da buhu mai kilo 50 ya ba ni buhu 7, jimla buhu 84 ke nan, amma magininmu ya ce shi 84 ba ta kai shi ko'ina tun da siminti na buga bulo da ɗora shi da yaɓe suna ɓoye cikin layukan bango da aka auna da mita kare. To ta yaya zan zaƙulo su?

Kuma farashin kowane layi a dunƙule yake, kaya da ladan magina da jigila da ribar ɗan kwangila duk a ciki, alhali mutanen unguwa sun ɗauki alkawarin yashi da ruwa, ruwan ma da amalanke za a riƙa kawowa. Nawa zan cire? Sannan debin bai sa harajin TVA na kashi 19 ba, shi ma sai mun ƙara ko da magini na gida za mu yi aiki?

Asabar za mu zauna da iyaye, wallahi ba na so in faɗi adadin da gini zai tsaya a linta.