Ya dawo neman sulhu, amma ya ƙi mu taɓo abin da ya raba mu

Jama'a, ina neman shawara. Shekara 2 muna soyayya, muka rabu wata 7 da suka wuce. Halinsa shi ne in mun saɓa sai ya ɗauke min wuta, har kwana 10 ba kira ba saƙo, ya dawo kamar ba a yi komai ba.

Yanzu yana roƙon mu koma. Sau 2 na ɗauko zancen, ya ce abin da ya wuce ya wuce. Wallahi har yanzu ina son sa, amma wannan amsar ita ce ainihin halin da na gudu.

In sa masa sharaɗin sai mun zauna mun tattauna kafin in amsa? In ya yarda, ta yaya zan gane canji ne na gaske, ba kewa ce kawai ba?