Ku taimaka min da imel ɗin neman hutun ƙaro karatu

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah wanda ya taɓa neman hutun karatu ya ba ni shawara. Ina sashen kuɗi a wani kamfani a Wuse, na samu gurbin digiri na biyu a Jami'ar Jos, wata 12 zan nema ba albashi. Na riga na rubuta wa oga ranar tafiya da ranar dawowa, zan haɗa da takardar admishan, amma wajen wa zai riƙe aikina nan na maƙale.

Abokiyar aikina ta yarda ta karɓi biyan 'yan kwangila da daidaita lissafin banki, zan zauna da ita wata guda kafin in tafi. To albashin ma'aikata fa? Ni ke haɗa shi duk ƙarshen wata har da cire haraji da kuɗin fansho, kuma ita ce ke dubawa kafin a biya, in ta haɗa kuma ta duba da kanta ai odita ba zai yarda ba.

Shin in ce a ɗauki na wucin gadi da albashina da za a tsayar, ko in ce zan riƙa haɗawa daga Jos? Tsorona kar oga ya ce ashe ba hutu nake buƙata ba. Wanne zan sa a imel ɗin?