In rage wasiƙar nan ko in bar ta?

Jama'a, ku taimaka da shawara. Mako biyu ban je aiki ba saboda jinyar mahaifiyata a Shika. Na rubuta wa shugabanmu bayani ya kai shafi uku: yadda ciwon ya tashi, neman jini, har wayata da ta ɓata a Kwangila.

Yayana ya ce in mayar da shi layi shida: ranakun, dalilin, takardar likita, ban haƙuri. Wai dogon bayani kama yake da kame-kame.

To amma ɓatan wayar ne ya hana ni sanarwa har kwana huɗu, kuma shi ne ainihin abin da aka tuhume ni a kai. In na cire shi, me ya rage na kare kai?