"Slm ykk" rubutu ne ko shirme?

Admin: Jama'a daga yau duk wanda ya turo irin su "slm ykk y gd, xan xo" gogewa zan yi. Rubutun da babu ƙugiya babu wasali ai shirme ne, bai da maraba da wanda yaro ya daddanna.

Malamin Hausa: Haba admin, da maraba mana. Ka ba mutum biyu "xan xo gb" kowa ya karanta shi kaɗai, duk "zan zo gobe" za su ce maka. To ka ba su "hjkdf gggt" da waya ta danna a aljihu ka ga ko bakinsu zai zo ɗaya. Na farko akwai ƙa'ida ko da ba a makaranta aka koyar ba, x na tsaya wa z, q na tsaya wa ƙ, a zubar da wasali a bar baƙaƙe. Na biyu ba abin da za ka mayar ya zama magana.

Mai gyaran waya: Kuma ba lalaci kaɗai ba ne fa. A ƙaramar waya mai maɓalli sai ka danna 9 sau 4 kafin z ta fito, x kuwa sau 2, ni a ganina nan xan ta samo asali. Sannan tes ɗaya harafi 160 ne, kana saka ƙ ko ɗ guda ɗaya ya koma 70, a caje ka kuɗin tes biyu ko uku, wa zai yarda?

Maman 'yan biyu: Ni dai ina bayan admin wallahi. Ƙanena ya turo min "baba ya tafi fada" hankalina ya tashi ina ta kira ina cewa da wa, ashe fadar hakimi ya je gaisuwa.

Malamin Hausa: Ai Hajiya daidai ya rubuta, ke kika saka ƙugiyar da kanki saboda kin saba yana barinta. Amma na yarda nan matsalar take, fada da faɗa, bari da ɓari, in jimlar gajera ce babu abin da zai raba gardama. Sai dai ma'ana biyu kika samu, shirme kuwa ko ɗaya babu. Kuma ko rubutun littafi ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, baƙi na launi da baƙi masu zuwa gida iri ɗaya ake rubuta su.

Ɗan Maraɗi: To wanda nake gani "Æ™asa" ko "}asa" fa? Wannan kam shirme ne ƙarara.

Mai gyaran waya: A'a, ƙasa ce. Marubucin ya saka ƙugiyarsa, na'ura ce ta karanta ba daidai ba, na biyun kuma an kwafo ne daga tsohon salon harafi na kwamfuta. Duk inda ka ga } ƙ ce, ] kuma ɗ, sauyawa kawai za a yi.

Admin: Na ji. Amma sanarwar rasuwa da maganar kuɗi a cike za a rubuta, ban janye wannan ba.

Maman 'yan biyu: Su Inna da ake karanta wa fa? Jikanta ya kasa fitar da "dftn kn lfy" jiya.