Tauraro 4.8 ya ruɗe ni: ta yaya kuke gane sharhin bogi?

Maman Hanif: Assalamu alaikum. Na sayi fawa banki ta intanet saboda na ga tauraro 4.8 da sharhi sama da 2,000. Kwana tara ya yi ya daina ɗaukar caji. Sai bayan aikin gama ya gama na zauna ina karanta sharhin ɗaya bayan ɗaya. Tsoffin ciki duk yabon laushin yadi suke yi, wata ma ta ce "na wanke shi sau uku bai zuba ba". Yadi a fawa banki? Jama'a, me ke faruwa?

Injiniya Sabo: Wa'alaikis salam. Ba ruɗewa kika yi ba, Hajiya, sharhin mayafi ko riga kika karanta. Mai sayarwa yakan samu shafin wani kaya da ya daɗe yana tara yabo, sai ya sauya suna da hoto da bayani, ya ɗora sabon kayansa, taurarin kuma suna nan daram. Wani kuma haɗe kaya biyu yake yi, ya nuna kamar launi ko girma ne kawai ya bambanta su, sai sharhinsu ya zama tukunya ɗaya. Masu sharhin mutanen gaske ne, yabon ma na gaske ne, kayan ne ba shi ba. A 2023 hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye a Amurka ta sa kamfanin Bountiful, mai sayar da ƙwayoyin bitamin, ya biya dala 600,000 kan irin wannan haɗin a Amazon.

Abin da nake yi kafin in biya: in tsara sharhin da "Most recent", wato sababbi a sama, in karanta ashirin na sama, sannan in gangara can ƙasa in ga ko kaya ɗaya ake magana a kai. Hotunan da masu saye suka saka sun fi saurin tona asiri.

Danlami Mai Waya: Ni ba na wahalar da kaina. In babu alamar "Verified Purchase", wato shaidar cewa mai sharhin ya sayi kayan, a jikin sharhi, ba na ko kallonsa. In akwai, shi ke nan.

Anti Rabi: Danlami, ni kaina na taɓa rubuta irin wanda kake yarda da shi, Allah ya yafe min. Na sayi abin jin sauti na kunne, sai na tarar da ɗan kati cikin kwalin: in ba da tauraro biyar, in tura hoton sharhin, a mayar min da kuɗina ta wata hanya daban. Na yi, aka biya. Alamar ta fito a jikin sharhina tunda da gaske na saya. A ranar da ya iso na rubuta, ko caji ban yi masa ba. Wata biyu kunnen hagu ya mutu, kuma ban koma na gyara ba. Yanzu in na ga "ya iso da wuri, kwalin ya yi kyau, ina ba kowa shawara ya saya" ba tare da kalma ɗaya kan yadda kayan ke aiki ba, sai in ce ga 'yar'uwata nan.

Injiniya Sabo: Shi ya sa nake duba kwanan wata. Irin wannan sharhi a dunƙule yake zuwa: arba'in cikin kwana huɗu, sai tsit na wata guda, sai kuma masu tauraro ɗaya su fara ɓullowa suna kuka da matsala iri ɗaya. Amma a yi hattara, lokacin rangwame ma sharhi yana taruwa haka ba tare da maguɗi ba. Sai na taɓa sunayen uku ko huɗu. In na ga mutum ya yabi kaya goma marasa alaƙa a rana ɗaya, duk tauraro biyar, na gama da shi.

Ummi K.: Don Allah wane fawa banki ne mai kyau? Nawa ma ya kumbura.

Danlami Mai Waya: Ummi, ba shi ake tattaunawa ba, amma ki daina caja shi tun bai kama da wuta ba. Anti Rabi, na sallama rabi. Sai dai har gobe rubutu mai kwan-gaba-kwan-baya, cike da kurakurai, ni a wurina na haya ne.

Malam Tukur: A nan ban bi ka ba. Nawa sharhin ma cike yake da kuskure, kuma ba wanda ya taɓa ba ni ko sisi. Wanda ke ba ni tsoro shi ne mai santsi, wanda ke kawo cikakken sunan kaya har da lambarsa sau uku kamar mai shela. Wa ke magana haka kan abin da ya saya?

Maman Hanif: Na koma shafin yanzu. Cikin ashirin na sama, goma sha ɗaya tauraro ɗaya ne, duk kan caji. Hoton farko a can ƙasa kuwa mayafi ne ruwan hoda. Na danna "Report", amma har yanzu 4.8 ɗin na nan. Akwai wanda ya taɓa kai ƙara aka sauke shafi?